Darasi na 7: Rarar Lokaci Tsakanin Ayyuka da Alƙawura

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bambanta lokacin aiki da lokacin sauyi da rarar lokaci;
2. lissafa rarar da wata tafiya ko wani aiki ke buƙata daga abin da ya rubuta da hannunsa;
3. sanin inda ya fi dacewa a ajiye rarar a cikin shirin yini ko na mako;
4. gane cewa shiri ya fara lalacewa tun ana iya gyara shi.

1. Jinkiri yana bin layi

Mu ɗauki wani mai gyaran injin ban-ruwa a Gummi. Lokacin noman rani ne, manoma uku a fadamar Gulbin Zamfara sun kira shi. Ya san gyaran inji ɗaya yakan ci masa awa biyu, saboda haka ya ce wa na farko ƙarfe 8, na biyu ƙarfe 10, na uku ƙarfe 12. A bakinsa lissafin ya fita daidai.

A gonar farko ya tarar da noti ya yi tsatsa ya ƙi kwancewa, aiki ya ƙara rabin awa. Ya ɗaure kayansa a babur, ya tsaya an yi sallama, ya isa gona ta biyu ƙarfe 10:50. Aikin na biyu bai ba shi wahala ba, amma tun da ya fara shi a makare, a makare ya gama. Kafin ya isa gona ta uku ƙarfe ɗaya ta wuce, azahar ta gabato, mai gonar kuma ya gaji da jira ya tafi gida. Noti ɗaya ya taɓa mutum uku.

Yanzu mu juya labarin. A ce aikin farko ya zo da sauƙi, ya gama ƙarfe 9:30. Ya ci ribar rabin awa? Bai ci ba, domin manomi na biyu ba zai zo gonarsa ba sai ƙarfe 10 da aka yi da shi. Rabin awar nan a hanya da zaman jira za ta ƙare. Wannan shi ne abu na farko da za a riƙe: idan alƙawura suka jeru babu tazara, jinkiri yana wucewa daga wannan zuwa wancan, amma gamawa da wuri ba ta wucewa. Shi ya sa shirin da aka cika shi maƙil yake ƙarewa a makare ko da ranar ba ta da wata babbar matsala.

> Akwatin ma'ana
> Lokacin aiki: lokacin da aikin kansa yake ci idan an fara shi.
> Lokacin sauyi: lokacin da ke tafiya wajen barin wannan aiki da kama wancan, kamar tattara kaya, tafiya, alwala da gaisuwa.
> Rarar lokaci: lokacin da aka bari da gangan ba a sa masa aiki ba, don ya shanye abin da ba a zata ba.

A lura da kyau, lokacin sauyi daban, rara daban. Mutane da yawa a nan suke faɗawa. Wanda zai ratsa unguwa a Anka da ƙafa ya san zai haɗu da dattijo, kuma ba zai wuce shi da ɗaga hannu kawai ba. Wannan gaisuwa ba ba-zata ba ce, kullum ana yin ta, don haka a lissafin sauyi take. Mai gyaranmu ya yi kuskure biyu ke nan: bai lissafa minti ashirin na sauyi ba, bai kuma bar komai don noti mai tsatsa ba.

2. Me ya sa ƙiyasinmu yake gazawa?

Idan aka tambayi mutum tsawon lokacin da aiki zai ci, yakan tuna ranar da komai ya tafi daidai. Ba ƙarya yake yi ba, haka tunanin ɗan Adam yake. Masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun yi bayanin wannan ɗabi'a a 1979. A 1994 kuma Roger Buehler da abokan aikinsa sun gwada ta a kan ɗaliban jami'a a Kanada. An tambaye su kwana nawa za su gama rubuta kundin bincikensu, suka ce kimanin kwana 34. Aka ce to idan komai ya lalace fa? Suka ce kusan kwana 49. Da aka zo ƙarshe, abin da suka ɗauka ya haura kwana 55. Wato har ƙiyasin da suka yi na mummunar rana bai kai gaskiyar abin da ya faru ba.

Maganin wannan shi ne a daina tambayar zuciya, a tambayi takarda. Duk aikin da kake maimaitawa, ko tafiyar da kake yawan yi, rubuta ƙarfe nawa ka fara, ƙarfe nawa ka gama. Sau biyar ya isa a fara da shi.

3. Yadda ake auna rara

> Akwatin ma'ana
> Ranar tsakiya: idan aka jera lokutan da aka rubuta daga ƙarami zuwa babba, wanda ya faɗo a tsakiya.
> Ranar wahala: mafi tsawo a cikin lokutan da aka rubuta.
> Alƙawarin da ba ya jira: wanda idan ka makara ka rasa shi gaba ɗaya, kamar jarrabawa, zaman kotu, motar ƙarshe ko faɗuwar rana.

Ƙa'idar ita ce:

rarar lokaci = ranar wahala − ranar tsakiya

*Misali na farko: daga Gummi zuwa Gusau*

Wani magidanci a Gummi yana kai mahaifiyarsa ganin likita a Gusau. Hanyarsu ita ce ta Daki Takwas da Nasarawar Burkullu da Anka, a fita Mayanci a hau babban titin Sakkwato zuwa Gusau. Ya rubuta tafiyarsa biyar, yana ƙirgawa daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar asibiti, har da zaman jiran mota ta cika a tasha. (Alƙaluman na koyo ne. Kowa ya sa nasa, domin mota da yanayin hanya suna sauyawa.)

awa 3 da minti 20
awa 3 da minti 30
awa 3 da minti 40
awa 4 cif
awa 4 da minti 50

Ranar tsakiya ita ce awa 3 da minti 40. Ranar wahala awa 4 da minti 50. Bambancinsu awa 1 da minti 10, ita ce rararsa.

An ba su ƙarfe 11 na safe. Idan ya bi ranar da ta fi masa daɗi, zai bar gida ƙarfe 7:40, kuma bisa rubutunsa sau huɗu cikin biyar zai makara. Idan ya bi ranar tsakiya, zai fita 7:20, ya makara sau biyu cikin biyar. Idan ya haɗa tsakiya da rara, ƙarfe 6:10 zai bar gida, bayan an sauko daga sallar asuba. Sau da yawa zai isa da sauran awa guda, tsohuwa ta samu wuri ta zauna ta karya kumallo. Wannan awa ba asara ba ce, ita ce kuɗin da ya biya don kada ya yi tafiyar banza.

Sai dai lissafi bai ƙare ba, kuma a nan ne amfaninsa ya fi fitowa. Akwai komawa. Halin tsaro a yammacin Zamfara ya sa babu mai son duhu ya same shi a hanyar Anka zuwa Gummi, don haka magariba ta zama alƙawarin da ba ya jira. Ita ma magaribar ba a wuri ɗaya take tsaye ba: a watan Yuli rana takan kai kusan ƙarfe 7 kafin ta faɗi, a Nuwamba kuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6 ta faɗi. Wanda ya saba da lissafin damina ya ɗauke shi ya kai kaka, ya yi asarar kusan awa guda bai sani ba.

A ce tafiyar a Nuwamba ce, yana son ya kasance gida ƙarfe 6:10 na yamma. Irin wannan lissafi daga ƙarshe ake fara shi a dawo baya. A cire awa 4 da minti 50 daga 6:10, ya rage 1:20 na rana. Ke nan daga ƙarfe 11 zuwa 1:20, awa 2 da minti 20 kacal yake da su a Gusau, kuma a cikinsu za a ga likita, a karɓi magani. Uwargida ta ba shi saƙon atamfa a kasuwa, yana kuma son ya leƙa gidan ƙanensa. Takarda ta nuna masa tun yana gida cewa babu wurinsu. Ko dai ya bar su sai wani zuwan, ko ya shirya kwana a Gusau, ya faɗa wa ƙanen nasa tun jiya. Abin da bai kamata ba shi ne ya yanke wannan shawara ƙarfe 3 na rana yana tsaye a tasha da tsohuwa mara lafiya.

4. Ba kowane alƙawari ke son rara mai yawa ba

Rara tana da tsada. Duk awar da ka bari ba aiki, awa ce da ba ka nemi kuɗi da ita ba. Saboda haka kafin ka yanke yawanta, tambayi kanka: idan na makara, me zan rasa?

Idan ziyarar aboki ce ko zaman majalisa, ranar tsakiya ta wadatar, ka ɗora minti goma. Idan wani ne zai bar aikinsa ya jira ka, kamar manoman fadamar can, yi amfani da na biyu daga ƙarshe a jerinka, wanda a misalinmu shi ne awa 4. Idan kuwa alƙawarin da ba ya jira ne, ranar wahala za ka ɗauka dungurungum. Akwai ma wanda ya fi ƙarfin wannan. Yaron da zai rubuta jarrabawar shiga jami'a da sassafe a wani gari, ko maniyyacin da aka kira sansanin alhazai, kwana a garin shi ne rararsu, domin rubutun tafiya biyar ba lalle ne ya ƙunshi ranar da mota za ta mutu a daji ba.

Aikin da ba ka taɓa yi ba fa, balle ka rubuta? Tambayi wanda ya saba yi, amma kada ka ce masa "awa nawa ake yi?" Zai ba ka ranarsa mai daɗi. Ce masa, "Malam, zuwanka na ƙarshe ƙarfe nawa ka fita, ƙarfe nawa ka isa?" Idan babu wanda za a tambaya, yi ƙiyasinka ka ƙara rabinsa a kai. Wannan dabarar farawa ce kawai, da zarar ka samu rubutu sai ka bar ta.

5. Ina za a ajiye rarar?

Abin da ya fi zuwa wa mutum a rai shi ne ya ƙara wa kowane aiki ɗan lokaci. Wannan yana da illa biyu. Ta farko, aikin da aka ba lokaci mai yalwa yakan miƙe ƙafa ya cinye shi duka, abin da wani marubuci ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya yi wa shaguɓe tun 1955. Ta biyu, ɓarna ce. A ce kana da ayyuka huɗu a jere, kowanne yana iya zarcewa da minti 20. Idan ka ƙara wa kowanne, ka kashe minti 80. Amma da wuya huɗun su lalace a rana ɗaya. Yau wannan ne zai zarce, gobe wancan. Idan ka tara rarar wuri guda a ƙarshen layin, kimanin minti 40 zai ba ka kusan irin wannan kariya. Eliyahu Goldratt ya yaɗa wannan dabara a harkar manyan ayyuka cikin wani littafinsa na 1997, amma tela ma zai iya aiki da ita.

Inda ake tara ta shi ne daf da alƙawarin da ba ya jira. Ayyukan da ke hannunka kai kaɗai, jera su kusa da kusa, ka bar lokacin sauyi kawai. Inda wani zai jira ka ko ƙofa za ta rufe, nan za ka sa rarar a gabansa.

*Misali na biyu: tela a Anka kafin Sallah*

Saura kwanakin aiki 10 a yi ƙaramar Sallah. Wani tela da yaronsa suna iya gama kaya 3 a rana. Sau 10, kaya 30 ke nan, kuma masu kawo yadi sun fi 30. Idan ya karɓi 30, ya yi alƙawari da sharaɗin cewa cikin kwana goma ba za a yi rasuwa a unguwa ba, keke ba zai lalace ba, zazzaɓi ba zai kama yaro ba, babu kuma wanda zai dawo da riga ya ce wuya ya matse. Ga azumi, ƙarfin yamma ba kamar na safe ba. Ranar da ya rasa yini ɗaya, kowane mai kaya ya matsa baya da kwana ɗaya, mutum uku na ƙarshe kuma su je Idi da tsohon kaya. Babu ranar da zai rama, domin kowace rana ta riga ta cika.

Idan ya karɓi 24, ya ci gaba da gama 3 a rana kamar ba shi da rara, zai kammala a rana ta 8. Kwana biyu na ƙarshe su ne rararsa. Kuskuren da ake yi shi ne a ce tun da akwai kwana goma, bari a riƙa yin biyu da ɗan abu a rana. Wanda ya yi haka ya raba rararsa ya cinye ta tun kafin matsala ta zo. Idan Allah ya sa kwana takwas suka wuce lafiya, sai ya karɓi ɗinkin gaggawa a kwana biyun, wanda dama shi ya fi kuɗi. Ka ga bai yi asarar kaya shidan ba, ya dai ƙi yin alƙawarinsu da wuri ne.

Akwai kuma abin da ya shafi Sallah ita kanta: ganin wata. Azumi yana iya tsayawa a 29. Telan da ya yi lissafi da 30 ya ci bashin kwana ɗaya da ba shi da tabbacin samu. Da 29 ake lissafi.

6. Karanta rarar kamar ma'aunin mai

Rarar da aka tara wuri guda tana da wani amfani: tana gaya maka halin da shirinka yake ciki, kamar yadda allurar mai take gaya wa direba. Kowace yamma telan ya duba abu biyu, nawa ya gama daga aikin, nawa ya ci daga rarar. A ce a ƙarshen rana ta 5 ya kamata ya gama kaya 15, amma 12 ya gama. Yana baya da kaya 3, wato kwana ɗaya. Ya yi rabin aiki, ya ci rabin rara, babu laifi amma a sa ido. Idan kuwa kaya 10 ya gama, yana baya da 5, ya cinye kusan duk rarar alhali ko rabin aikin bai kai ba. A wannan yammar ya kamata ya miƙa wasu kayan ga abokin sana'a, ko ya kira masu su ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, naka sai bayan Sallah, ko in maido maka da yadin ka kai wani wuri." Maganar da ɗaci, amma wanda aka faɗa wa saura kwana biyar yana da mafita, wanda aka faɗa wa daren Sallah ba shi da ita.

Haka nan idan kullum rararka tana ƙarewa, ba ƙaddara ba ce, lokacin aikin ne ka rubuta ƙasa da yadda yake, sai ka gyara shi. Idan kuma wata biyu ba ka taɓa ta ba, ta yi yawa, rage ta.

7. Inda wannan lissafi yake gazawa

Tara rara wuri guda yana aiki ne idan kowace matsala da sanadinta. Wani lokaci kuwa sanadi ɗaya ne yake buge komai tare. Ruwan sama mai ƙarfi a Agusta zai hana mota cika, ya ɓata hanya, ya cika gulbi, duk a safiya guda. Mutanen Zamfara sun ga irin wannan a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar aka kuma rufe kasuwannin mako. Sun sake gani a farkon 2023 da ƙarancin takardun kuɗi, inda cire kuɗin mota kaɗai yake iya cin rabin yini. A irin wannan lokaci tsohon rubutunka ba ya aiki. Sai a rage yawan abin da aka ɗauka wa rana, a yi abu ɗaya mai muhimmanci, a fara sabon rubutu.

Tambayoyin bita

1. Da kalmominka, bayyana bambancin lokacin sauyi da rarar lokaci. Kawo misali ɗaya na kowanne daga sana'arka.
2. Me ya sa mai gyaran inji bai amfana ba a ranar da ya gama aikin farko da wuri?
3. Wata mai sayar da ƙuli-ƙuli tana zuwa Nasarawar Burkullu daga Bukkuyum. Ta rubuta tafiyarta biyar a minti: 45, 60, 50, 90, 55. Jera su, ka fitar da ranar tsakiya da ranar wahala da rara. Idan dole ta isa ƙarfe 9, ƙarfe nawa za ta fita?
4. A misalin Gummi zuwa Gusau, a ce tafiyar a Yuli ce kuma yana son isa gida ƙarfe 6:50 na yamma. Ƙarfe nawa zai bar Gusau? Awa nawa yake da su bayan ƙarfe 11?
5. Sake tsara wa mai gyaran inji alƙawuransa uku. Sa minti 20 na sauyi tsakanin gonaki, ka nuna inda za ka ajiye rara da dalilinka.
6. Tela ya karɓi kaya 24. A ƙarshen rana ta 6 ya gama 15. Kwana nawa ya ci daga rararsa? Me za ka ba shi shawara?
7. Aikin gida: zaɓi aiki ɗaya ko tafiya ɗaya da kake maimaitawa. Kafin ka fara, rubuta ƙiyasinka. Bayan ka gama, rubuta abin da ya ci. Yi haka sau biyar, ka kawo takardar aji mai zuwa.